Kullu, albasa, muciya ko burodi: da wanne za ki gane mai ya yi zafin suya in babu ma'auni?

Ƙanwata ce ta kira ni kwanaki tana mita wai ita ta haƙura da suyar ƙosai, duk sanda ta yi sai ya fito kamar soson wanki an tsoma a man gyaɗa, in ka matsa da yatsa mai na ɗiga, ta canza wake, ta canza mai niƙa, har ta fara zargin ko hannunta ne ba shi da kyau. Na ce mata yaya kike gane man ya yi zafi? Ta ce Yaya ai albasa nake jefawa, da ta yi cuu sai na fara sakawa. Na ce to shikenan an zo wajen, ba wake ba ne ba hannu ba ne, albasar ce take miki ƙarya.

Bari na fara da abin da ke faruwa a cikin kasko, don in ba a gane shi ba duk dabarun gwaji za su zama kamar camfi ne kawai, wannan ta ce kaza waccan ta ce kaza. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100 na ma'aunin salshiyos, ba ya wuce nan komai wutar da kika hura masa. Shi kuwa mai yana wucewa nesa, suyar tsoma da muka sani ana yin ta ne tsakanin 160 zuwa 190, yawancin abubuwa kuma wajen 175 zuwa 180 suka fi so. To kin ga in kin saka ƙosai a man da ya kusa ninka zafin tafasar ruwa, ruwan da ke jikin kullun ta waje nan take yake zama tururi ya yi waje da ƙarfi. Wannan kumfar da kike gani tana kewaye ƙosai ba man ne ke tafasa ba, ruwan kullunki ne ke gudu. Kuma muddin tururin na fitowa da ƙarfi to mai ba ya samun hanyar kutsawa ciki sosai, kafin nan bayan ƙosan ya bushe ya yi ɓawo, cikin kuma yana dahuwa da tururinsa kamar alala.

In man bai yi zafi ba, mu ce yana 130 ko 140, tururin kasala yake yi, ɓawon ba ya haɗuwa da wuri, ƙosan ya daɗe yana iyo, ruwa na fita a hankali yana barin ramuka, kina tsamewa ya fara hucewa sai ramukan nan su zuƙe man da ke jikinsa. Mutane da yawa ba su san cewa kaso babba na man da suya ke sha a lokacin hucewa take shan sa ba, bayan an tsame, shi ya sa tsanewa a kwando da zafinsa ke da amfani. In kuma man ya zarce, ya haura 190 ya doshi 200, bayan ne zai yi ja ya ƙone cikin minti ɗaya alhali zafin bai kai tsakiya ba, ki fasa ki ga ɗanyen kullu yana miki dariya. Zafi ba ya saurin ratsa kullu don kin ƙara wuta, tafiyarsa zuwa tsakiya lokaci take so, ƙara wuta bayan kawai take ƙonawa.

Tazarar da ke tsakanin "ya sha mai" da "ya ƙone bai dahu ba" digiri talatin ce ko makamancin haka, ba yawa, kuma ido ba ya ganin ta. Mai a 140 da mai a 180 kusan kamanninsu ɗaya a kasko. Dole sai an jefa wani abu ya ba da labari, tambayar ita ce wane ne mai faɗin gaskiya.

Albasa tukuna, tunda ita muka gada. Iyayenmu suna yanka albasa su jefa a mai kafin suya, kuma suna da dalili mai kyau, tana kashe gafin ɗanyen man gyaɗa da na manja, ta ba shi ƙamshi. Matsalar ita ce mu mun mayar da ita ma'aunin zafi, alhali albasa kusan duk ruwa ce, da man ya ɗan wuce 100 za ta fara cuu, a 120 ma ƙara take yi sosai kamar abin arziƙi. To wadda ta ji cuu ta saka ƙosai ta saka shi a man da saura digiri hamsin ya kai. Abin da Inna take yi wanda ba mu lura ba, ba ƙarar take saurara ba, tana barin albasar har ta yi ja ta tsame ta, a lokacin man ya ƙara hawa, sannan ta ɗiga kullu ta gani. Wato albasar ƙamshi ce, gwajin na gaba ne. In lallai da albasa za ki gwada, yanka siriri guda ɗaya, ki duba ko nan take ta taso tana zagaye da kumfa mai ƙarfi, gefenta ya fara ja kafin minti ɗaya ya cika. In ta kwanta tana ɗan tsuu tsuu fara tas, da saura. Amma kaurin yanka yana canza komai, yankan yau ba na jiya ba ne, don haka ni a wajena albasa tana can ƙasa a jerin.

Sai muciya ko cokalin katako, ko tsinken tsire, wanda yanzu aka fi yayatawa. Ki tsoma bakin a mai, in ƙananan kumfa suka fara fitowa a jikinsa ɗaya-ɗaya man ya fara ɗumi, in suka jeru suna tasowa ba tsayawa to ya kai na suya, in suka yi tsalle kamar ana tafasa ya yi yawa. Abin da ke sa kumfar shi ne iska da ɗan damshin da ke cikin katakon, kuma nan ne rauninta yake. Muciyar da kika wanke ɗazu ta sha ruwa za ta yi kumfa tun man na ɗumi-ɗumi, har ta fallatsa miki, wadda kuwa ta shekara tana shan mai ko ta bushe ƙayau da hunturu sai ta yi shiru ko da man ya kai. Haka kuma in kin tsoma sau biyu sau uku damshin ya ƙare, gwaji na huɗu ba zai yi daidai da na farko ba. Amfaninta ɗaya da ba zan hana ta ba, ba ta ɓata mai, kuma tana gaya miki cewa an fita daga sanyi an shiga zafi, don haka tana da kyau a matsayin gwajin farko. In za ki riƙe ta, ware cokali ɗaya busasshe ki saba da halinsa, kada yau wannan gobe wancan.

Gutsuren burodi ya fi su duka biyun, saboda shi da agogo yake aiki, ba da kunne ba. Ki yanko cikin burodi kamar girman ƙwayar magi biyu a haɗe, ki jefa ki duba agogon wayarki. In ya yi ruwan zuma a kamar daƙiƙa 60, man yana wajen 175 zuwa 180. In ya yi a daƙiƙa 30 zuwa 40 ya kai wajen 190, in cikin daƙiƙa 15 ko 20 ya yi duhu to janye wuta. In kuwa minti biyu ya wuce yana nan fari ya jiƙe sharkaf, kin ga abin da zai samu ƙosanki kenan, ki gode wa Allah da burodi ne. Sai dai a kula, burodinmu na nan sukari gare shi, wani ma har da madara da bota, kuma sukari yana sa abu saurin yin ja, don haka burodi mai zaƙi zai nuna miki kamar man ya kai alhali da ɗan saura. Busasshen burodin jiya ma ya fi sabo saurin yin ja. Duk da haka in kifi za ki soya ko kaza ko doya, abubuwan da ba ki da kullun ɗigawa, burodi shi ne zaɓina.

Akwai kuma masu jefa ƙwayar masarar gugguru tun man yana sanyi, in ta fashe an kai. Wannan yana da tushe, don masarar gugguru tana fashewa ne in cikinta ya kai wajen 180. Amma sau ɗaya take magana, ta ce an iso, ba za ta gaya miki an wuce ba, kuma in ƙwayar ta tsufa ta bushe ba za ta fashe ba sam, ke kina tsaye kina jira man na hayaƙi. Ga shi tana iya yin tsalle ta fallatso mai. Masarar tuwo kuma ba ta yi. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya je neman ta ba in akwai burodi a gida.

Biyu ne zan ce a bari gaba ɗaya. Na farko yarfa ruwa a mai da yatsa. Ruwa ya fi mai nauyi, yana nutsewa ƙasa, can ya zama tururi lokaci guda, kuma ruwa in ya zama tururi girmansa yana ninkawa wajen sau 1,700, shi ne yake watso man sama a fuska da hannu. Kuma bayan haɗarin bai gaya miki komai ba, tunda a 120 ma zai yi tartsatsi. Na biyu jiran hayaƙi. Akwai masu cewa ai ni sai na ga ya fara hayaƙi nake sakawa, to tataccen man gyaɗa na kamfani ko man kanti irin na galan ba ya hayaƙi sai ya kai wajen 220 zuwa 230, kin ga an wuce wajen suya da nisa, kuma hayaƙin alama ce man ya fara lalacewa, shi ne wannan abin da ke sa ido yaji da tari. Ɗanyen man gyaɗa na gida wanda ake matsewa wajen ƙuli-ƙuli shi kuma da wuri yake hayaƙi saboda ɗan garin gyaɗar da ke cikinsa, haka ɗanyen manja, haka man da aka yi suya da shi sau uku sau huɗu. Wato hayaƙi a wani man yana nufin 170 a wani yana nufin 230, ta ina za a yi awo da abu irin wannan. Ɗora tafin hannu a saman kasko don jin hucin, wannan masu sana'a da suka shekara ashirin a bakin kasko ɗaya suna iyawa, ni da ke dai a'a.

Wanda ya rage shi ne ɗiga kullun kansa, kuma shi nake ganin ya fi duk sauran in dai abin kullu kike soyawa, ƙosai, fanke, funkasau, yar tsala da ire-irensu. Dalili kuwa abin da za ki soya shi kike tambaya, ba wani baƙo ba. Ki ɗebo kaɗan a bakin cokali kamar ƙwayar wake ko gyaɗa, ki ɗiga a tsakiyar kasko ki zuba ido. In ya nutse ya je ƙasa ya zauna, ko ya manne da gindin kasko, man bai kai 150 ba, jira. In ya taɓa ƙasa ya ɗan yi jim sannan ya taso a hankali, ana wajen 160. In ya nutse zuwa rabi ya dawo sama da sauri cikin daƙiƙa biyu uku, kumfa ta kewaye shi yana yawo, wannan ne 170 zuwa 180, nan ƙosai ke so. In ko nutsewa bai yi ba, yana taɓa man ya baje a sama yana tartsatsi ya fara ja nan take, an kai 190 ko an wuce.

Shi ma yana da inda yake ruɗin mutum, gara na faɗa. Kullun ƙosan da aka buga sosai ya cika da iska, ko kullun fanke da yis ya tashe shi, yana iya tasowa sama ko a man da bai gama zafi ba, don iskar cikinsa ce ke ɗago shi. Don haka kada ki tsaya a tasowa kawai, ki haɗa da kumfa da launi, ɗan ɗigon nan ya kamata ya yi ruwan zuma cikin kamar minti ɗaya, in ya taso amma kumfar 'yar kaɗan ce kuma yana nan fari to iska ce ta yaudare ki. Haka kuma kullun da bai bugu ba ko ya yi ruwa zai nutse ya ƙi tasowa da wuri ko da man ya yi daidai, a nan sai ki ga kumfar na da ƙarfi amma shi yana ƙasa, to laifin kullu ne, koma ki ƙara bugawa, kada ki ƙara wuta.

Yanzu ga wajen da ƙanwata ta fi faɗawa, wanda kuma babu gwajin da ke sama da zai cece ki daga shi. Duk waɗannan gwaje-gwajen zafin man kafin a saka abu suke nunawa, amma ƙosai ba a wannan zafin yake soyuwa ba, a zafin da ya rage bayan kin saka yake soyuwa. Bari mu yi lissafi kaɗan, ba mai wuya ba. Lita ɗaya ta mai nauyinta wajen giram 920 ne, kuma mai ba ya riƙe zafi kamar ruwa, kusan rabin na ruwa yake riƙewa. Ƙonar da giram ɗaya na ruwa ya zama tururi yana cinye zafin da zai sauke wannan litar da digiri ɗaya da ɗan ɗori. To giram 20 na ruwa, wato cokalin cin abinci ɗaya da 'yan kai, in ya fita daga kullu ya sauke man da wajen digiri 25, in ba wutar da ke mayarwa. Yanzu ki duba wadda take da kwalbar mai ɗaya a ƙaramin kasko a kan risho, ta jera ƙosai goma sha biyar har babu masaka tsinke, ko da ta fara a 180 cikin rabin minti ta koma 140, rishon kuma ba shi da ƙarfin da zai dawo da ita da wuri. Mai ƙosan bakin titi da kike ganin tana cika kasko dam ba ta shan wannan wahalar saboda man ta lita biyar ne ko fiye, kaskon ƙarfe ne mai kauri, ga itace na ci a ƙasa ba wasa. Kada ki kwaikwayi yawan da take sakawa ba ki kwaikwayi yawan manta da wutarta ba.

Ga yadda muka yi da ita ranar da na je gidan. Wake kofi biyu, an surfa an wanke an niƙa da attaruhu da albasa, ruwa kaɗan, muka buga da muciya har ya yi fari ya tashi, gishiri sai daf da sakawa. Mai lita ɗaya a tukunya mai zurfi, ba faffaɗan firayin fan ba, yadda zurfin man ya kai kamar tsawon ɗan yatsa, kuma bai wuce rabin tukunyar ba. Wuta matsakaiciya a gas. Bayan kamar minti biyar ta tsoma cokalin katako ya fara kumfa ta ce Yaya ya yi, na ce ɗiga kullu mu gani, ya tafi ƙasa ya yi zamansa sai da muka ƙirga kusan goma ya taso. Muka ƙara minti biyu, na biyun ya nutse rabi ya dawo. Sai muka saka guda shida kacal, na sa ta ɗan ƙara wuta a daidai lokacin sakawar don ta cike abin da kullun zai sha, bayan minti ɗaya ta mayar da ita yadda take. Minti biyu zuwa uku ƙasan ya yi ja ta juya, wani minti biyun muka tsame a kwando. Muka fasa ɗaya, cikin ya dahu yana da ramuka ramuka kamar soso, yatsa bai yi naso ba. Wannan kaskon farko shi ne ma'aunin gaskiya, in ƙosai madaidaici ya ɗauki minti huɗu zuwa shida to zafin daidai ne, in ya yi ja a minti biyu wuta ta yi yawa, in ya kai minti takwas tara bai yi ja ba ya riga ya sha mai sai dai a gyara na gaba.

Kuma tsakanin kasko da kasko a dinga ba man kamar minti ɗaya ya farfaɗo, a tsame ɓurɓushin da matsami don su ne ke ƙonewa su baƙanta man, a sake ɗiga kullu. Amma kada a bar shi ya daɗe ba komai a ciki wuta na ci, man da babu abinci a cikinsa gudu yake yi sama, kina juya baya ki ɗauko faranti ya haura 200. Wannan shi ne dalilin da ya sa sau da yawa kaskon farko ke shan mai na uku kuma ya ƙone, a hannun mutum ɗaya da kullu ɗaya. Kunne ma yana taimakawa a nan, in kin saka ƙara ce mai ƙarfi shaaa wadda ba ta yankewa, in ta koma ɓul ɓul a kasalance zafi ya faɗi, in ta zama tas tas da fallatsa ya yi yawa ko akwai ruwa a jikin abin. Sai dai in abu ya kusa soyuwa ƙarar takan ragu da kanta don ruwan ya ƙare, wannan daban ne, alamar a tsame ce.

Ba komai ne kuma ke son zafi ɗaya ba, kuma wannan yana shafar wane gwaji za ki zaɓa. Fanke da cincin suna da sukari, cincin ma har da madara da ƙwai, suna saurin yin ja, don haka ƙasa-ƙasa suke so, 160 zuwa 170, wato ɗigon ya taɓa ƙasa ya taso a nutse. Fanken da aka saka a zafin kifi waje baƙi ciki danƙo. Cincin kuwa ki jefa ƙwaya ɗaya, ya nutse ya taso cikin 'yan daƙiƙu, in nan take ya yi ja rage wuta, kuma ki tsame shi tun bai kai launin da kike so ba don yana ƙara duhu a kwando. Awara akasin haka ce, jiƙe take da ruwa, tana sauke mai sosai, tana son 180 ko sama kaɗan kuma a tsane ta tukuna, ita ba ta tasowa nan take balle ki gane da tasowa, don haka burodi ko ɗan gutsurenta ki duba ƙarfin kumfa. Kifi ma haka, 180, a goge ruwan jikinsa, in man bai yi zafi ba shi ne yake kamawa a kasko ya dagargaje. Kazar da aka riga aka tafasa yadda muke yi launi kawai take nema, mai mai zafi minti kaɗan, amma ɗanyar kaza mai ƙashi sai an sassauta zuwa wajen 160 zuwa 165 an ba ta lokaci, in ba haka ba jini a jikin ƙashi. Doya mai kauri da dankalin Hausa su ma matsakaici, shi dankalin Hausa zaƙinsa na sa shi saurin ƙonewa. Dankalin Turawa in ana son ya yi ƙus-ƙus sau biyu ake soya shi, na farko wajen 150 zuwa 160 har ya dahu bai yi ja ba, a tsame ya huce, na biyu a mai mai zafi ya yi launi. A kan dankali akwai ƙarin dalilin da zai sa a guji baƙar suya, a 2002 masu bincike a Suwidin suka gano wani sinadari mai suna akirilamaid da ke samuwa in an soya ko an gasa abinci mai sitaci da zafi sosai, yana ƙaruwa yadda launin ke ƙara duhu, shi ya sa ake ba da shawarar a tsaya a ruwan zuma.

Wani abu da ke ɓata lissafin launi shi ne shekarun man, in ji masu barkwanci. Sabon mai fil daga galan yana jinkirin sa abu ja, sai ki ɗauka bai yi zafi ba ki ƙara wuta, tsohon mai kuma da ya yi duhu yana shafa wa abu launi da wuri tun bai dahu ba. In man ya fara kumfar da ba ta kwanciya, ya yi kauri yana yauƙi, yana hayaƙi tun kafin ɗigon kullu ya taso, to ya gama aiki, babu gwajin da zai yi daidai a cikinsa.

Irin wutar ma tana da nata. A gas kina murɗawa take amsawa, don haka kina iya bin zafin sama da ƙasa. A itace sai dai ki janye ice ɗaya ko ki tura, a gawayi kuwa babu ragewa da sauri, mafita ita ce ki sauke kaskon ko ki ƙara ɗan mai mai sanyi ko ki ƙara yawan abin da kike sakawa ya shanye zafin, wanda shi ne dabarar masu sana'a, da yawan ƙosai suke tuƙa zafin ba da wuta ba. Kasko mai kauri yana jinkirin zafi amma ba ya faɗuwa da sauri, siririn kasko kuwa kamar mai saurin fushi ne, yanzu ya hau yanzu ya sauka, shi ya fi buƙatar a yi ta gwadawa.

To in aka ce na zaɓa, ga yadda nake yi a kicin ɗina. Abin kullu, ɗigon kullu, a duba nutsewa da kumfa da launi tare. Abin da ba kullu ba, burodi da agogo, in burodin mai zaƙi ne na ƙara wa man ɗan lokaci. Cokalin katako don na san lokacin fara gwaji ne kawai, albasa don ƙamshi. In kuma sana'a kike yi kina soya cincin na biki bokiti bokiti, gaskiya ki nemi ma'aunin zafin nan na tsomawa a mai ko da sau ɗaya, ki auna ki ga yadda ɗigonki yake yi a 165 da 180 a kaskonki da manki, daga nan idonki ya riƙe.

Saura in an yi rashin sa'a man ya zarce. In ya fara hayaƙi kashe wuta ki bar shi a wajen ya huce da kansa, kada ki ɗauki tukunyar kina yawo da ita a tsakar gida ga yara. In ya kama da wuta, wanda ke faruwa in ya haura 300, kashe gas ɗin, ki zura murfin ƙarfe ko faranti ki rufe bakin tukunyar, ki bar shi a rufe har ya huce sosai, in kin buɗe da wuri yana iya sake kamawa. Ruwa kam ko kofi ɗaya kada ya je wajen, lissafin nan na sau 1,700 shi zai ɗaga wutar har silin.